Eka ce ko hekta? A kan maki shida da ƙanena ya raina

A hutun da ya wuce ƙanena ya dawo gida Kura yana huci. Yana karatun kimiyyar kwamfuta a wata babbar makaranta, kuma an ba ajinsu aikin gida mai maki 20: kowa ya rubuta ƙaramar manhaja da za ta warware wata matsala ta garinsu. Shi da ya tashi a bakin magudanar ruwa, sai ya zaɓi abin da ya sani. Manhajarsa tana lissafa awa nawa ya kamata a bar ruwa yana shiga gona kafin a toshe. Malamin ya ware maki 14 don daidaiton lissafi, ya ba shi duka. Sauran 6 ɗin na tsabtar rubutu ne, a nan kuwa ɗaya tak ya samu, kuma abin da aka rubuta masa a gefe bai wuce kalma biyu ba: «Babu tsari.»

«Yaya, ai manhajar tana aiki,» in ji shi. «Kwamfuta ta gane abin da na rubuta. Mene ne kuma na cire mini maki biyar a kan kwalliya?»

Na ɗan koyi harshen Python saboda aikin jarida, inda muke yawan tace alƙaluman kasafin kuɗi, don haka na ce ya buɗe mini in gani. Bayan mun yi kamar awa ɗaya a kai, na tashi da ra'ayi biyu. Malamin ya yi daidai da ya cire makin. Amma yadda ya cire shi bai koya wa yaron komai ba, kuma ina jin haka ake yi a azuzuwa da yawa. Waɗannan maki shida su ne kaɗai suke auna ko wani mutum daban zai iya duba aikin ya tabbatar da shi, don haka ya kamata a raba su da ma'auni bayyananne, a kuma sanar da ɗalibi ma'aunin tun kafin ya fara.

Abin da ya rubuta

Ga manhajar gaba ɗayanta:

```python
def f(a, d, q):
    x = a * d * 10 / 0.6
    return x / (q * 3.6)

print(f(2, 60, 30))
```

Mai karatu da bai taɓa rubuta manhaja ba kada ya tsorata. Haruffan `a` da `d` da `q` da `x` mazubai ne, wato wuraren da ake ajiye adadi a ba su suna domin a riƙa kiransu. Ƙanena ya san cewa `a` faɗin gona ne, `d` zurfin ruwan da ake son ƙasa ta sha, `q` kuma yawan ruwan da ke gudana. Amma a kansa ilimin yake, babu shi a rubutun.

Lissafin kansa ingantacce ne. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan hekta ɗaya yana daidai da mita kubik 10, wato lita dubu goma. Daga nan 10 ɗin ta fito. Lita ɗaya a sakan tana daidai da mita kubik 3.6 a awa, ga asalin 3.6. Ita kuwa 0.6 ƙiyasi ce da ya yi, cewa kashi 60 cikin 100 na ruwan da aka sako ne ke amfanar shuka, sauran yana tsiyayewa ko ya bi iska ko ya wuce ta ƙarshen fangali.

Sai na ce mu gwada da gonar da muka sani, mai faɗin eka biyu. Muka ɗauka ana son ruwa milimita 60, kuma lita 30 ke shigowa a sakan. Na sa 2 da 60 da 30, manhajar ta ce awa 18 da rabi. Ƙanena ya yi shiru, domin ya san ba a ba eka biyu ruwa tun daga asuba har tsakar dare.

Laifin bai wuce wannan ba: `a` hekta take jira, ni kuwa eka na ba ta. Eka ɗaya kusan 0.4047 ce ta hekta, don haka eka biyu hekta 0.81 ce. Idan aka sa adadin daidai, ruwan da ake bukata kusan mita kubik 809 ne, ana samun 108 a kowace awa, amsa ta zama awa bakwai da rabi. Tsakanin amsar gaskiya da wadda na samu akwai awa goma sha ɗaya, kuma kwamfutar ba ta yi ƙorafi ba ko kaɗan. Malamin ya gwada da hekta ne, shi ya sa makin daidaito ya cika.

A yankinmu awa goma sha ɗaya na ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, yana bin babbar magudana ya rarrabu zuwa ƙanana har ya iso bakin gona, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwa ne na tarayya da ake bi layi. Abin da na sama ya sha fiye da ƙima, daga rabon na ƙarshen magudana ya fita, kuma tumatir ko alkamar da ruwa ya kwanta mata ita ma ba ta tsira ba. Babu wanda zai ɗauki aikin gidan ƙanena ya raba ruwa da shi. Amma nan da shekara uku ko huɗu irinsa ne za su rubuta wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da kamfanonin shinkafa manhajar da za a yi aiki da ita, kuma da ɗabi'ar da suka koya a aji za su rubuta.

Suna linzami

Hausawa sun ce suna linzami, kuma a rubutun manhaja maganar ta fi ko'ina tabbata, domin sunan mazubi shi ke jan hankalin mai karatu zuwa abin da zai zuba a ciki. Ga yadda muka sake rubuta aikin tare:

```python
HEKTA_A_EKA = 0.4047
# Kiyasi ne: kashi 60 cikin 100 na ruwan ke amfanar shuka.
# A sake aunawa idan an gyara magudana.
RABON_DA_KE_ISA = 0.6

def awannin_ban_ruwa(fadi_eka, zurfi_mm, gudu_lita_a_sakan):
    fadi_hekta = fadi_eka * HEKTA_A_EKA
    # mm 1 a kan hekta 1 = mita kubik 10
    ruwa_m3 = fadi_hekta * zurfi_mm * 10 / RABON_DA_KE_ISA
    gudu_m3_a_awa = gudu_lita_a_sakan * 3.6
    return ruwa_m3 / gudu_m3_a_awa
```

Yanzu duk wanda ya ga `fadi_eka` ya san abin da ake nema daga gare shi. Fiye da haka, idan wani ya zo daga baya ya rubuta `fadi_eka * zurfi_mm * 10`, ido zai tsaya a kai, domin 10 ɗin ta hekta ce. Sunan ya mai da kuskuren abin da ake iya gani kafin a kunna manhajar.

Akwai abin da muka ci karo da shi a nan wanda ya shafi harshenmu. Da farko ƙanena ya so ya sa wa mazubin `kadada`. Suna ne mai ma'ana, amma bai raba gardama ba, domin kadada a bakin wani eka ce, a labaran rediyo kuma sau da yawa hekta ake nufi da ita. Haka kalmar daƙiƙa, wadda wasu ke nufin sakan da ita, wasu kuma minti, bisa asalinta na Larabci. Shi ya sa muka rubuta `sakan`. Ke nan bai isa suna ya kasance kalma ta gaske ba. Ana so ya amsa tambayar da baƙo zai yi, kuma a duk lissafin da ya shafi awo, tambayar farko ita ce da wane mudu aka auna.

Manyan ma'aikatu ma sun faɗa wannan rami. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhaja tana fitar da adadi a ma'aunin fam irin na Amurka, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukarsa a matsayin ma'aunin mita da kilo. Ba na cewa suna mai kyau kaɗai da ya ceci kumbon. Amma ciwon iri ɗaya ne da na gonar eka biyu: adadi ya fita daga hannu zuwa hannu ba tare da ma'auninsa ba.

Sai dai tsawon suna ba shi ne kyansa ba. Mazubin da ke ƙirga zagaye a layi biyu ko uku, kowa ya saba a kira shi `i`, kuma babu dalilin cire maki a kai. Ƙa'idar da nake ganin ta dace ita ce, gwargwadon nisan da mazubi zai yi tafiya a cikin manhaja, gwargwadon bayanin da sunansa ya kamata ya ɗauka. Wanda ake ƙirƙira a nan a gama da shi a layi na gaba zai iya zama harafi ɗaya. Wanda wani mutum zai cika daga waje, kamar faɗin gona, dole ya faɗi abin da yake da ma'auninsa.

Sharhin da ya cancanci maki

Layukan da suka fara da alamar `#` sharhi ne. Kwamfuta tana tsallake su, don mutum aka rubuta su. Wanda ya yi karatun zaure ya san alaƙar matani da sharhi: mai sharhi nagari ba ya maimaita abin da matani ya faɗa a sarari, yana tsayawa ne inda ɗalibi zai yi tuntuɓe.

A nan ne na fara ganin gazawar malamin. Ƙanena ya nuna mini aikin wani abokin karatunsa da ya samu shida cikin shida. Kusan kowane layi nasa yana da sharhi, irin wannan:

```python
x = x + 1  # kara 1 a kan x
```

Wannan sharhi bai ƙara wa kowa sani ba. Wanda ya iya karanta layin ya riga ya san an ƙara ɗaya, abin da bai sani ba shi ne mene ne `x` kuma don me ake ƙara masa. Mai duba aikin ya ga shafi cike da alamar `#`, ya ba da maki. Darasin da ajin ya ɗauka shi ne a yawaita sharhi, ko da na banza ne.

A kwatanta da sharhin da muka sa a kan 0.6. Babu yadda za a yi mai karatu ya gane daga lissafin cewa adadin ƙiyasi ne, ba doka ba ce irin 3.6. Idan aka yi wa magudana siminti ko aka share ciyawar da ta toshe ta, adadin zai canza, 3.6 kuwa tana nan har abada. Wannan bambanci sharhi ne kaɗai zai iya faɗarsa. Saboda haka gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne: a goge sharhin a zuci, a tambayi kai ko an yi asarar wani sani. Idan ba a yi ba, sharhin bai cancanci maki ba.

Akwai kuma sharhin da ya fi rashinsa muni, wato wanda ya tsufa. A ce wani ya mai da 0.6 zuwa 0.7 amma ya bar sharhin yana cewa kashi 60. Kwamfuta ba ta karanta sharhi, don haka ba za ta tona asirinsa ba, mai karatu kuwa zai gaskata shi. Duk sharhin da aka rubuta alkawari ne cewa za a riƙa gyara shi tare da lissafin, kuma wannan ma dalili ne na rage yawansa. Mai ba da maki da ya tarar da sharhi yana faɗin abu ɗaya, layin da ke ƙarƙashinsa yana yin wani, ya kamata ya cire maki fiye da yadda zai cire wa wanda bai yi sharhi ba.

Shigar layi

Abu na uku shi ne yadda ake shigar da wasu layuka ciki, a bar fili a farkonsu, domin a nuna cewa suna ƙarƙashin layin da ke samansu. Ɗalibai sun fi raina wannan, suna ganin kamar gyaran sakin layi ne a wasiƙa. Mu ɗauka gonaki uku ne a kan ƙaramar magudana ɗaya, mai eka 2 da mai 1 da mai 3, ana ba su ruwa ɗaya bayan ɗaya, muna son jimillar awannin:

```python
jimilla = 0
for fadi_eka in [2, 1, 3]:
    awa = awannin_ban_ruwa(fadi_eka, 60, 30)
    jimilla += awa
```

Layuka biyun da aka shigar ciki ana maimaita su ga kowace gona. Ta farko awa 7.5, ta biyu 3.7, ta uku 11.2, jimilla kusan awa 22 da rabi. Yanzu a janyo layin ƙarshe baya, ya daidaita da `for`. Ba a canza harafi ko ɗaya ba, fili huɗu kawai aka cire. Amma layin ya fita daga zagayen, sai an gama da gonakin duka za a yi shi, sau ɗaya. Jimilla ta koma 11.2, wato ta gonar ƙarshe kaɗai. Manhajar za ta gudu lafiya, ta ba da rabin amsa. Alamar da ake gane wannan kuskure da ita ita ce jimilla ta yi daidai da adadin ƙarshe a jerin.

A Python ke nan, inda shigar layi wani ɓangare ne na nahawun harshen. A harsuna irin su C da Java kwamfuta ba ta kula da filin farkon layi, kuma a can haɗarin wani iri ne: ido zai ga tsari ɗaya, kwamfuta ta bi wani. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyara ga wani kuskure a sashen da ke tantance amincin shafukan intanet a na'urorinsa. Ga siffarsa a taƙaice:

```c
if (err != 0)
    goto fail;
    goto fail;
```

Layi na uku ya shiga ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗin, alhali a harshen C layi ɗaya ne kawai ke ƙarƙashinsa idan ba a sa baka ba. Don haka ana aiwatar da shi kullum, ana tsallake binciken da ke biye. Shigar layin ta faɗa wa ido abin da ba gaskiya ba. Abin da mai ba da maki ya kamata ya nema ke nan: ko siffar rubutun a shafi ta yi daidai da yadda kwamfuta za ta bi shi.

Yadda wasu ke raba makin

Ba mu ne farkon masu fama da wannan ba, kuma akwai misalai biyu da suka cancanci a duba. Darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda matasanmu da dama ke bi kyauta ta intanet, ya daɗe yana auna aiki ta fuska uku: daidaito, da kyan tsarin mafita, da salon rubutu. A tsarin da ya yi amfani da shi shekarun baya, ana ninka makin daidaito sau uku, na tsari sau biyu, na salo sau ɗaya, kuma an bayyana salo da cewa sauƙin karantuwa ne, wato sharhi da shigar layi da sunayen da suka dace. A ce kowace fuska maki biyar ce, ɗalibin da ya samu 5 da 3 da 1 zai tashi da 22 cikin 30. Salo kashi ɗaya ne cikin shida, bai isa ya kayar da mai aiki daidai ba, amma ya isa ya ji a jikinsa. Darasin ya kuma ba ɗalibai `check50` don gwada daidaito da `style50` don duba filaye da shigar layi, su gyara da kansu kafin su miƙa.

Misali na biyu ya fi kusa da halinmu, domin a takarda ake yin sa. A jarrabawar kimiyyar kwamfuta ta Cambridge ta matakin IGCSE, tun daga 2023 akwai tambayar ƙarshe mai maki 15 inda ɗalibi ke rubuta manhaja da hannu. Ana ba da makin ne mataki-mataki, kuma cikin abubuwan da ke ɗaga ɗalibi daga mataki zuwa na sama akwai ko sunayensa sun dace da aikinsu da ko ya yi sharhin da ya shafi aikin. Ma'aunin a buɗe yake, malami da ɗalibi duk suna iya karanta shi.

Abin da misalan biyu suka haɗu a kai shi ne ɗalibi ya san abin da ake nema tun kafin ya zauna. Ƙanena bai sani ba. An ce masa babu tsari, shi kuwa ya fassara hakan da cewa malamin ba ya son sa.

Yadda zan raba maki shida

Da ni ce mai ba da makin, ko ni ne, uku zan ba sunaye. Zan rufe cikin aikin da hannu in karanta layin farko kaɗai. Idan daga `awannin_ban_ruwa(fadi_eka, zurfi_mm, gudu_lita_a_sakan)` na san abin da zan bayar da abin da zan karɓa, maki biyu sun tabbata. Na ukun kuma na adadin da aka jefa tsirara ne a tsakiyar lissafi, irin 0.6, ko an ba shi suna ko an bayyana shi.

Biyu zan ba sharhi, ɗaya don an yi shi inda ake bukata, ɗaya don babu na banza kuma babu mai ƙarya. Da wannan ma'auni, abokin ƙanena mai sharhi a kowane layi ba zai wuce ɗaya ba.

Ɗaya tak zan ba shigar layi, kuma ba zan ɓata idona a kai ba. Masu Python suna da takardar salo mai suna PEP 8 tun 2001, wadda ta ce a shigar da kowane mataki da fili huɗu, kada layi ya wuce harafi 79. Umarni ɗaya ya isa ya duba wannan:

```
pycodestyle ban_ruwa.py
```

Abin da na'ura za ta duba cikin sakan ɗaya bai kamata ya ci rabin makin salo ba, kuma bai kamata ya ci lokacin malami ba. Idan a takarda aka yi jarrabawar, ba a ƙirga fili da ido, a duba kawai ko ana gane wane layi ke ƙarƙashin wane. Sannan kada a hukunta laifi ɗaya sau biyu. Idan shigar layi ta ɓata amsa kamar yadda muka gani a gonaki uku, an riga an cire a makin daidaito.

Abin da za a ce mini

Na san malamai za su ce ajinsu ya cika, ba za su iya karanta aikin kowa layi-layi ba. Gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa ake komawa ƙirga alamar `#`. Amma ma'aunin da na kawo ba ya bukatar a karanta komai. A zaɓi sashe ɗaya daga kowane aiki, a karanta kansa, a duba sharhi biyu. Minti biyu ne. Idan ma hakan ya yi yawa, a sa ɗalibai su yi musayar aiki a aji, kowa ya gwada na ɗan'uwansa ba tare da ya tambaye shi komai ba. Abin da ya faru tsakanina da ƙanena ke nan, kuma awa 18 da rabin da ya gani a allo ta yi masa bayanin da kalma biyun malamin ba su yi ba.

Za a kuma ce makin salo yana cutar da wanda Turancinsa bai nuna ba, domin zaɓen suna aikin harshe ne. Wannan ƙorafi yana da nauyi. PEP 8 kanta ta shawarci waɗanda ba Turanci ne harshensu ba da su yi sharhi da Turanci, sai idan sun tabbata babu wanda zai karanta sai mai jin harshensu, kuma wanda zai nemi aiki a kamfani dole ya saba da hakan. Amma a shekarar farko, abin da ake koyarwa shi ne ɗabi'ar faɗin abin da mazubi ya ƙunsa. Ɗalibin da ya rubuta `fadi_eka` ya kama darasin sarai, ya fi wanda ya rubuta `area` ya bar mu muna canke. Ra'ayina shi ne malami ya faɗi harshen da yake so tun farko, ya karɓi Hausa a matakin farko matuƙar ba a gauraya ba, kuma kada kuskuren nahawun Turanci ya ci makin da aka ware wa bayyana ma'ana. Python tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna, amma na bar su a misalan nan saboda ba kowane allon rubutu ke da su ba, kuma sunan da abokin aiki ba zai iya bugawa ba ya zama wahala.

Na ƙarshe shi ne ƙorafin ƙanena, cewa abin da ke aiki yana aiki. Amsata ita ce manhajarsa ta yi aiki ne a hannun mutum biyu, shi da malamin da ya yi sa'ar gwadawa da hekta. A hannun mutum na uku ta ba da amsar da za ta cika gona da ruwa. Makin daidaito yana auna ranar da aka miƙa aiki, a kan misalan da mai dubawa ya zaɓa. Ranar da marubucin ba ya nan, ko ranar da shi kansa ya dawo bayan wata shida ya manta abin da `q` take nufi, sunaye da sharhi ne kawai za su rage.

Kafin ya koma makaranta na ce ya je wurin malamin da tsohon aikin da sabon, kada ya nemi a ƙara masa maki, ya roƙa a rubuta wa ajin yadda ake raba shidan nan kafin aiki na gaba. Ya ce yana jin nauyi. Na ce to ya fara da nuna masa abin da eka biyu ta yi wa manhajar, ya tambaye shi ko shi ma da hekta ya gwada.